Sunan da Sha'aibu Ya Sa a Ƙasan Imel

Sha'aibu Abdulaziz, Allah ya jiƙansa da rahama, mutum ne da ba ya iya wuce ƙofar gida bai yi sallama ba, ko da kuwa ya san ba kowa a ciki. Gajere ne, mai ƙatuwar dariya, hularsa kullum a karkace kamar za ta faɗi, amma ba ta taɓa faɗuwa ba. A Dandin Mahe aka haife shi, ɗan manomin albasa. Karatunsa ya tsaya a sakandare, daga nan ya yi wata tara a Sakkwato yana koyon bugun tafireta, ya dawo ya kafa 'yar rumfa kusa da tashar Bodinga.

Shekara ashirin da ɗaya ya yi a rumfar nan yana rubuta wa mutane wasiƙa da cika musu fom, da tafireta tukuna, daga baya da wata tsohuwar kwamfuta mai nishi kamar saniya. A nan ya koyi abin da ya riƙe har ya koma ga Allah: wasiƙa ba mutum ɗaya ke karanta ta ba. Sau da yawa ya ga mutum ya karɓi takarda ya soke a aljihu, sai ya isa gida a shimfiɗa tabarma, a karanta wa uba da uwa da ƙanen uba, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Saboda haka duk abin da Sha'aibu ya rubuta, sai ya miƙe tsaye ya karanta shi da ƙarfi kafin ya miƙa wa mai shi. Masu kabu-kabun tasha sun sha tsokanarsa cewa huɗuba yake koyo.

Yana da shekara arba'in da biyu wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitocin ƙauye ta buɗe ofis mai ɗaki biyu a Bodinga, ta ɗauke shi akawu. Shugabar ofishin Hajiya Safinatu ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, mace mai son tsari, wadda ko biro ba ta yarda a ajiye a karkace. Direban ofishin kuwa Aliyu ne, taubashin Sha'aibu, ɗan gwaggonsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya ci mutuncin ɗaya cikin raha ba, kuma kwano ɗaya suke cin abincin rana.

A kakar shekararsa ta biyu a ofishin maganar Tungar Ubaidu ta taso. Ƙauye ne can bayan Mandera, a ƙasar Shagari. Ƙungiyar ta gyara musu ɗakin shan magani, ta sa sola, ta kai gadon haihuwa sabo fil da ledarsa. Abu ɗaya ya rage: ungozoma. An ɗauki ta farko, an tura mata imel, shiru. An ɗauki ta biyu, an tura mata, shiru. Sai babban ofishin ƙungiyar ya aiko cewa idan wata ya ƙare ba ungozoma a Tungar Ubaidu, za a kwashe gadon da gurbin aikin a kai wata ƙaramar hukuma. Saura kwana goma sha tara, kuma suna ɗaya ya rage a jerin waɗanda suka ci jarrabawa: Bahijja Mukhtari, daga Wurno.

Sha'aibu ya san hanyar ƙauyen, domin dangin uwarsa daga can suke. Ya san yadda ake ɗora mace mai naƙuda a amalanke a nufi titi da ita. Shi ya sa da Hajiya Safinatu ta ce ya tura wa Bahijja saƙon nan da aka saba, hannunsa ya yi nauyi.

Saƙon daga babban ofis aka tsara shi, da Turanci. Aikin akawu kawai ya liƙa takardar ɗaukar aiki, ya sa adireshi, ya danna. Sau biyu Sha'aibu ya yi haka ba tare da ya tsaya ya saurare shi ba, domin ya ɗauka abin da manya suka rubuta ya fi ƙarfin gyaransa. Ran nan dai ya miƙe tsaye kamar yadda ya saba a rumfa, ya fassara wa Aliyu shi da Hausa, layi bayan layi:

"Zuwa ga mai neman aiki. An umarce ni in sanar da ke cewa an tura ki wurin da aka ambata a takardar da ke haɗe. Ki bayyana cikin kwana goma sha huɗu. Rashin yin haka zai sa a soke wannan tayi ba tare da wata sanarwa ba. Kada ki amsa wannan saƙo. Hukumar Gudanarwa."

Aliyu yana cin gyaɗa a kan benci. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Wanga ai sammaci ne, taubashi. Saura a ce ta taho da lauyanta."

Sha'aibu ya yi dariya har hularsa ta ƙara karkacewa, amma dariyar ba ta kai masa ciki ba. Ya buɗe fayil ya nemo lambar ungozoma ta biyu, wata Ummukulthum daga Gwadabawa, ya kira ta. Yarinyar ta gaishe shi da ladabi, ta ce wallahi ta so aikin. Ranar da saƙon ya shigo har tsalle ta yi. Da yamma ta karanta wa babanta, ta juya masa da Hausa, sai ya yi mata tambaya uku: ina za ta kwana, wa zai tarbe ta, kuma idan wani abu ya same ta, wa zai kama? Ba ta da amsar ko ɗaya. Ta gwada mayar da amsa ta imel ɗin don ta tambaya, saƙon ya dawo mata, domin akwatin ba ya karɓa. Baban ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga hukumar gudanarwa ba, bai san gidansu ba. Yanzu tana aiki a wani shagon magani kusa da gida.

Sha'aibu ya ajiye waya. Abin da ya sani tun yana rumfa ne ya manta da shi da ya shigo ofis mai fanka. Imel ma kan tabarma ake karanta shi.

Ya roƙi Hajiya Safinatu ta ba shi kwana biyu. Ta ce takardar ɗaukar aiki ba a taɓa ta, ko waƙafi, domin ita ce yarjejeniya. Ya ce bai nufi takardar ba, tana nan a liƙe yadda take. Jikin saƙon yake so ya gyara, 'yan layukan da mutum ke fara gani idan ya buɗe. Ta dube shi ta saman gilashinta, ta ce ya rubuto ta gani.

Ya rubuto kuwa. Duk gaisuwar da aka tauye a saƙon farko, Sha'aibu ya rama ta da riba. Ya gaishe da Bahijja, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyaye da 'yan'uwa da maƙwabta, ya tambayi yadda damina ta bar su a Wurno. Ya kira ta 'yarmu abar alfaharinmu. Ya ce zukatan mutanen ƙauye suna ɗokin ganinta. Ya yi addu'a uku a jere. Ranar fara aiki tana can ƙasa, ta maƙale tsakanin addu'a ta biyu da ta uku.

Da ya miƙe ya karanta, Aliyu ya sauko daga benci ya durƙusa, ya ce a ba shi izini ya je ya sanar da Sakina, matar Sha'aibu, tunda dai neman aure aka fara a ofis. Ya tambaya ko shi ne zai kai goron. Hajiya Safinatu, wadda ba a cika ganin haƙoranta ba, sai da ta cire gilashi ta share hawaye. Da ta natsu ta tura saƙon a wayarta ta nuna masa: sau huɗu mutum zai ja allo kafin ya ga abin da ake so da shi. Ta ce ita da 'yarta ce ta sami saƙo daga baƙon namiji yana zuba mata zuma haka, 'yan damfara za ta fara zargi.

"Na farko ya kore su da sanda," in ji ta, "naka kuma da zaƙi zai kore ta. Kuma ka duba da kyau, Malam Sha'aibu. Tambaya uku anka yi maka. Wacce ka amsa?"

Ya duba. Ko ɗaya bai amsa ba. Ya gane dalili kuwa: shi kansa bai san amsar ba. Ya cika takarda da gaisuwa ne saboda ba shi da abin faɗa.

Washegari da sassafe ya sa Aliyu ya tayar da mota. Suka bi ta Dandin Mahe, suka sauka daga titi, suka ratsa gonaki inda ake ta ɗaurin dammunan gero. A Tungar Ubaidu mai unguwa ya ce masauki ai akwai, ya kai su gidan Inna Hawwa'u, tsohuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, wadda 'ya'yanta suka watse aure suka bar mata ɗakuna biyu. Sha'aibu bai yarda da an ce ba. Ya shiga ɗakin, ya taka daɓen, ya gwada sakata, ya ɗaga kai ya duba rufi. Tagar ba raga. Ya sa Aliyu ya auna ta da igiya, suka yi alkawarin kawowa ranar kasuwa. Ya taka daga ƙofar gidan zuwa ɗakin shan magani yana duba agogo: minti huɗu. Ya ɗebi ruwan rijiya ya sha. Sannan ya ɗaga wayarsa sama yana zagaya gari kamar mai neman ɓataccen akuya, Aliyu na biye da shi yana shela cewa taubashinsa ya taɓu. Sabis dai bai samu ba sai a gindin wata tsamiya kusa da makarantar firamare.

Da suka dawo gidan ya durƙusa gaban Inna Hawwa'u ya nemi izinin sa sunanta a saƙon, domin bai ga dacewar ya aika sunan tsohuwa wani gari ba da saninta ba. Ta tambaya ko sunan nata zai shiga cikin na'ura ya zauna. Ya ce zai zauna. Ta ce to a rubuta shi daidai, Hawwa'u ɗiyar Sama'ila, kada a rubuta mai ƙuli. Ta ƙara da sharaɗi: a gaya wa yarinyar gidan nan da yaji ake miya, in ba ta ci ta faɗi tun da wuri.

Washegari a ofis suka zauna shi da Hajiya, kwamfuta a tsakaninsu, suka yi ta ja-in-ja har azahar. Ta cire 'yarmu, ta ce sunanta ya isa, kuma ya fi mutunci. Ta bar addu'a ɗaya gajeriya. Ya rubuta cewa za ta ji daɗin zama, Hajiya ta goge, ta ce ofis ba ya alkawarin abin da ba ya hannunsa. Shi kuma ya so ya cire maganar wa'adi gaba ɗaya, domin ita ce ta fi kama da barazana. Hajiya ta ƙi. Ta ce wa'adin gaskiya ne, ɓoye shi cuta ce. Sai ya ce to a bar shi, amma a faɗi dalilinsa, domin mutum ya fi karɓar wa'adi idan ya san abin da ke bayansa. Ta yarda.

Kan maganar sabis da ruwan rijiya suka fi daɗewa. Hajiya ta ce da hannunsa zai kori yarinyar. Sha'aibu ya ce uban da zai saurari saƙon nan ba yaro ba ne, ya san ƙauye. Idan aka nuna masa komai sumul, zai san an rufe wani abu, ya fara tunanin mene ne.

Daga ƙarshe suka zo kan sa hannu. Hajiya ta ce takardar da ke liƙe tana ɗauke da sunanta da hatimin ofis, wannan ya wadatar. Idan ya sa sunansa da lambarsa a jikin saƙo, ya sani duk abin da ya taso shi za a nema, ko ranar hutu.

"Ranki shi daɗe," in ji Sha'aibu, "abin da tsohon ke nema ke nan. Wanda za shi kamawa. To ga ni."

Ta ce ya tura daga akwatinsa na ofis, wanda ake iya mayar wa amsa, ya sa ta a kwafi. A layin take suka rubuta abin da saƙon ya ƙunsa ƙarara: ɗaukar aikin ungozoma, Tungar Ubaidu, da lambar takarda. Ya rubuta da Turanci mai sauƙi, sannan ya maimaita shi da Hausa a ƙasa, ya ce wannan na mutanen gida ne, kada a bar wa yarinya wahalar fassara. Ya miƙe tsaye ya karanta:

"Malama Bahijja Mukhtari, assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida.

"Muna farin cikin sanar da ke cewa an ɗauke ki aikin ungozoma a ɗakin shan magani na Tungar Ubaidu, ƙaramar hukumar Shagari. Takardar ɗaukar aiki tana haɗe da wannan saƙo, da bayanin albashi da sharuɗɗa. Ranar fara aiki Litinin ce, ashirin da takwas ga wata.

"Jiya na je ƙauyen da kaina. Masaukinki yana gidan Inna Hawwa'u Sama'ila, dattijuwa da ke zaune ita kaɗai. Ɗaki ne naki, mai sakata, tafiyar minti huɗu zuwa wurin aiki. Akwai sola a asibitin. Ruwa na rijiya ne, sabis ɗin waya kuma sai a kusa da makaranta. Idan kin iso tashar Bodinga, ni zan tarbe ki, motar ofis ta kai ki. Idan wani daga gida yana so ya rako ki ya ga wurin, akwai kujera a motar.

"Muna buƙatar amsarki kafin Alhamis, ashirin da huɗu ga wata, domin idan wata ya ƙare ba a sami ungozoma ba, za a mayar da gurbin wani wuri. Kina iya amsa wannan saƙo, ko ke ko mahaifinki ku kira ni a lambar da ke ƙasa.

"Allah ya sa albarka. Sha'aibu Abdulaziz, akawu, a madadin Hajiya Safinatu Maniru, shugabar ofishin Bodinga."

Aliyu ya saurara har ƙarshe yana neman inda zai soka baki, bai samu ba. Abin da ya iya cewa kawai an manta da yajin Inna. Hajiya ta ce yaji ba ya shiga saƙon ofis, a bar shi sai an haɗu. Sha'aibu ya sake duba cewa takardar tana liƙe, ya duba adireshin harafi-harafi, ya yi bisimilla ya danna.

Kwana uku ba labari. Sakina ta ce a kwanakin nan ko tuwo yake ci wayarsa na kan gwiwarsa. Ran na huɗu, suna cikin cin shinkafa da wake shi da Aliyu, wayar ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar dattijo ce, a natse. Bai ce ko shi wane ne ba sai da suka gama gaisuwa tsaf, sannan ya tambaya ko da Sha'aibu Abdulaziz yake magana, wanda ya je ƙauyen da kansa. Sha'aibu ya ajiye cokali ya miƙe tsaye, kamar dattijon na ganinsa.

Malam Mukhtari ne, mahaifin Bahijja, tela a Wurno. Ya ce an karanta masa saƙon sau uku, na ukun a gaban ƙanensa. Ya tambayi shekarun Inna Hawwa'u. Ya tambayi zurfin rijiyar. Ya tambaya ko Sha'aibu na da 'ya'ya mata, aka ce masa uku. Sai ya ce kujerar nan da aka ambata a mota, a ajiye masa ita.

Da aka kashe waya Sha'aibu ya cire hularsa ya jefa sama, ta faɗa cikin kwanon wake. Aliyu ya ce yau dai ta faɗi. Hajiya ta leƙo daga ɗakinta ta ce kiran waya ba amsa ba ce a wurin babban ofis, a jira a gani a rubuce. Kafin la'asar amsar Bahijja ta shigo, layi uku: ta karɓi aikin, za su iso ranar Asabar, ta gode. Hajiya ta tura wa babban ofis nan take, sannan ta aiki Aliyu ya sayo wa kowa tsire.

Ranar Asabar tun hantsi Sha'aibu ke tsaye a tashar Bodinga da babbar rigarsa ta Juma'a. Bas ta uku ce ta sauke wata doguwar yarinya mai akwati ɗaya, da wani siririn tsoho mai farin gemu riƙe da takarda a ninke. Ashe ya sa an buga masa saƙon a shagon kwamfuta. Ya dubi Sha'aibu sama da ƙasa, ya ce ya zaci zai fi haka tsawo.

A Tungar Ubaidu tsohon ya bi takardar layi-layi. Ya gwada sakata. Ya taɓa sabuwar ragar taga, wadda ba ta cikin saƙon, ya gyaɗa kai. Ya taka zuwa asibiti, ya dawo ya ce shi minti shida ya yi, amma ya yafe biyun saboda gwiwarsa. Ya sha ruwan rijiya. Ya je gindin tsamiya ya kira matarsa a Wurno ya ce mata sun iso. Inna Hawwa'u kuwa ta riga ta kama hannun Bahijja ta shige da ita ciki, daga waje ana jin ta tana tambayar maganar yaji, yarinyar na dariya tana cewa a gidansu ma sai an yi gumi ake tashi daga kwano.

Da za su juyo, Malam Mukhtari ya ja Sha'aibu gefe, gindin rumbu. Ya ce tun da aka zo layin rijiya da sabis ya san zai zo, domin wanda ya faɗi wannan bai ɓoye wani abu ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

"Ga ɗiyata nan," in ji shi. "Ban ba hukuma ba. Kai na ba."

Sha'aibu ya kama hannun tsohon da hannu biyu. A hanyar dawowa tsohon ya yi barci a kujerar baya, Aliyu kuma ya yi tuƙi har Dandin Mahe bai tsokani kowa ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Gadon haihuwa bai bar Tungar Ubaidu ba. Mako biyu da zuwan Bahijja aka yaye ledarsa. Wata uku bayan haka babban ofis ya ji labari, ya nemi kwafin saƙon, ya rarraba wa sauran ofisoshi a matsayin sabon samfurin da za a riƙa bi. Sha'aibu ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce nan gaba kaɗan za a tura wa wata yarinya a can gabas cewa za ta kwana gidan Inna Hawwa'u. Ya roƙi Hajiya ta rubuta musu cewa a bar wurin masauki da na mai tarba da na ruwa a buɗe, a kuma sa gargaɗi a sama cewa kada a cika su sai wani ya je ya gani da idonsa. Sun sa.

Abin da Hajiya ta faɗa ma ya tabbata: shi aka riƙa nema. Batirin sola ya mutu, shi. Bahijja na son hutun sallah, shi. Kuma kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Malam Mukhtari sai ya kira. Ba ƙorafi yake kawowa ba. Su gaisa, ya tambayi yara da Sakina, ya tambayi farashin albasa a Bodinga, Sha'aibu ya tambayi ɗinki da gwiwa, su yi sallama. Aliyu ya sa wa kiran suna duba-gari, yakan ce wa taubashinsa ya gyara hula, sufeto na kan layi. Shekara uku ana haka. Da Bahijja ta tashi aure, wani malamin firamaren ƙauyen ta aura, Sha'aibu na cikin waɗanda suka zauna a sahun iyaye.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako biyu ba. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a gidansa, Aliyu na riƙe da hannunsa. An yi masa sutura a Dandin Mahe, kusa da mahaifinsa. Mutanen Tungar Ubaidu sun zo cike da motoci biyu, Inna Hawwa'u a gaba. A ruɗanin kwanakin, kowa ya ɗauka wani ya sanar da Wurno. Bahijja kuwa ta ɗaga waya sau da yawa a gindin tsamiya don ta kira mahaifinta, ta kasa.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wayar Sha'aibu ta yi ƙara a kan taga inda aka ajiye ta. Sakina ta duba sunan, ta kasa ɗauka, ta aika da ita zaure. Aliyu ya ɗauka. Tsohon ya fara gaisuwarsa yadda ya saba, sai ya tsaya, ya ce wannan ba muryar Sha'aibu ba ce. Aliyu ya gaya masa.

Ƙarar keken ɗinki da ake ji daga nesa ta cikin wayar ta tsaya. Tsohon ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce gobe yana hanya. Sannan ya tambaya, a hankali, 'ya'yan nan uku mata, wa ke tsaye a kansu yanzu.

Aliyu ya ce shi ne.

Malam Mukhtari ya ce to ya ba shi cikakken sunansa da lambarsa, ya faɗa sannu-sannu, zai rubuta a ƙasan takardar saƙon nan.